An yi ciniki a Disamba, kaya sun isa a Janairu: wace shekara ce ke da su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni dilan shinkafa ne a Birnin Kebbi, kuma ni da abokin tarayyata ranar 31 ga Disamba muke rufe lissafi mu raba riba. Ciniki uku ne suka tsaya mana a wuya bana, duk a kan naira 60,000 buhu, mu kuma 52,000 ya tsaya mana. Wani a Gusau ya sayi buhu 200, muka yanka rasit ranar 29, ya turo rabin kuɗi, amma motar da muka ɗauka haya don kai masa ba ta tashi ba sai 3 ga Janairu. Wani daga Yawuri ya aiko motarsa ta yi lodin buhu 100 ranar 30, ta lalace a hanya, sai 2 ga Janairu ta isa, kuma har yanzu bai biya ba. Na uku maƙwabcinmu ne, ya biya buhu 150 cif, ya ce mu ajiye masa har ya samu wuri. Ni na ce duka na tsohuwar shekara ne, abokina ya ce duka na sabuwa ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowannenku ya kama wani ɓangare na gaskiya, ya saki wani. Kai kana duba ranar da aka sa hannu a ciniki, shi yana duba ranar da kaya suka sauka, alhali abin da masu lissafi ke dubawa shi ne ranar da kayan suka fita daga ikonku suka shiga ikon mai saye. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018 kuma manyan kamfanonin Najeriya ke bi, a kan wannan ta ginu. Ranar rasit ba ta yanke hukunci, haka ma ranar da alat ya shigo waya. Hanya mafi sauƙi da zan ba ka ta gane wa ke da iko ita ce ka tsaya a daren 31 ga Disamba ka yi wa kanka tambaya biyu a kan kowane buhu: da gobara ta cinye shi a daren nan, Allah Ya kiyaye, asarar wa ce? Kuma da wani ya zo da kuɗi a hannu, za ku iya sayar masa da shi ba tare da kun ci amanar kowa ba?

Mu ɗauki na Gusau, don nan ne kuɗin ya fi yawa. A daren nan buhunan suna jibge a sitonku cikin 'yan uwansu, ba a ware su ba, kuma ku ne kuka ɗauki alkawarin kai su har ƙofar shagonsa. Da an yi asararsu, ba zai saurari wani bayani ba, kayansa zai nema ko kuɗinsa. Saboda haka wannan cinikin na sabuwar shekara ne, kuma ranarsa ita ce ranar da aka sauke masa ya karɓa, ba ma 3 ga wata da mota ta tashi ba. Ko da motar ta tashi ranar 30 ga Disamba, sabuwar shekara ta riske ta a wajen Talata Mafara, hukuncin bai canja ba, tunda motar a hannunku take kuma sharaɗin shi ne ku kai.

Naira miliyan 6 da ya turo kuwa kafin alƙalami ne. Kuɗin yana asusunku, amma a littafi yana zama ne a gefen abin da ake bin ku, domin a ranar rufewa shi ke bin ku buhu 200 ko kuɗinsa. Buhunan kuma ku ƙidaya su cikin kayan sito a kan kuɗin da suka tsaya muku, wato naira 10,400,000, ba a kan farashin sayarwa ba. Ribar 1,600,000 da ke ciki ba ta ɓace ba, za ta fito a Janairu, tare da kuɗin mota da na 'yan dako da za a cire daga cikinta.

A nan nake so ka nutsu, don kuskuren da ya fi cutar da 'yan kasuwa a wannan gaɓa ba na zaɓen shekara ba ne kaɗai. Abin da kan faru shi ne, akawu yana ofis ya ga rasit na ranar 29 ya shigar da cinikin naira miliyan 12 a Disamba, yaran sito kuma ranar 31 su zagaya da littafi su ƙidaya duk buhun da idonsu ya gani, har da waɗannan 200, don babu wanda ya gaya musu an sayar. Sai buhu ɗaya ya fito sau biyu: ga shi an sayar, ga shi kuma yana nan. Idan haka ta faru, ribarku ba da 1,600,000 ta kumbura ba, da miliyan 12 cur ta kumbura, saboda an rubuta kuɗin sayarwa ba a cire kuɗin kayan ba. Ku zauna ku raba wannan, kun raba jarinku ne kuna zaton riba ce, kuma ba za ku gane ba sai lokacin sarin shanshera ya zo kuka ga kuɗin bai kai ba. Alamar da ke tona wannan kuskure ita ce ribar Disamba ta yi tsalle fiye da 8,000 da kuka saba samu a buhu, ta Janairu kuma ta faɗi ƙasa warwas ba tare da farashi ya motsa ba.

Na Yawuri mai sauƙi ne. Shi ya aiko motarsa da direbansa, aka ƙirga aka loda ranar 30, direba ya sa hannu. Daga lokacin da motar ta bar ƙofar sitonku kayan nasa ne, lalacewarta tsakanin Jega da Koko kuma matsalarsa ce. Wannan na tsohuwar shekara ne: ciniki naira miliyan 6, riba 800,000, a rubuta shi a matsayin wanda kuke bi bashi. Rashin biya bai hana shi zama ciniki ba, matuƙar mutum ne da kuka sani yana cika alkawari. Sai dai shawarata, ku rubuta ribar amma kada ku cire rabonku na wannan 800,000 daga aljihun kasuwanci sai ya biya.

Na maƙwabcinku ne ke buƙatar a je a duba da ido. Ƙa'idar ta yarda a lissafa ciniki alhali kaya suna wurin mai sayarwa, amma da sharuɗɗa huɗu da dole su haɗu. Ajiyar ta kasance da dalili na gaske, kamar shi ne ya roƙa saboda ba shi da wuri, ba ku ne kuka lallaɓa shi ya karɓi rasit don littafinku ya yi kyau ba. Kayan su kasance an ware su daban an san nasa ne. Su kasance a shirye, an ɗinke an gama, duk lokacin da ya turo mota sai lodi. Sannan ku ba ku da ikon taɓa su ko ba wa wani. Sharaɗi na farko ya samu tunda shi ya nema. Sauran ukun, shiga sito za ka yi ka gani. Idan buhunansa 150 suna jere a kusurwa guda, an rubuta sunansa da alli a bango ko an ɗaura musu alama, kuma yaranka sun san ko ciniki ya yi zafi ba a ɗiba daga nan, to cinikin naira miliyan 9 ya shiga tsohuwar shekara da ribarsa 1,200,000, kuma ba za a ƙidaya buhunan cikin kayanku ba don amana ce a hannunku. Idan kuwa suna cikin tsibi ɗaya da sauran, ana ta sayarwa da niyyar in ya zo a cika masa daga sabon kaya, to ba a sayar masa da wani buhu takamaimai ba tukuna. Kuɗinsa duka kafin alƙalami ne kamar na Gusau, ko da ya biya cif.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, kayan da ake sayarwa da awo ko sikeli ko ƙidaya suna nan a kan lamunin mai sayarwa har sai an auna an miƙa wa mai saye. Idan abokinka ya ga kamar dokar Turawa ake kawo masa, ku tambayi malamin unguwarku a kan wannan mas'ala, za ku ji maganar ta zo kusa da juna.

To ga yadda lissafinku zai tsaya. Daga ribar 3,600,000 da kuke jayayya a kai, 800,000 ta tsohuwar shekara ce babu shakka, 1,600,000 ta sabuwa ce babu shakka, 1,200,000 kuma tana jiran abin da kuka tarar a sito kamar yadda yake a ranar 31. Ina jaddada ranar 31, domin ware buhunan yau a rubuta musu suna ba zai koma baya ya gyara Disamba ba. Ku tambayi mai gadi da yaran sito yadda abin yake a lokacin, ku yarda da abin da suka faɗa.

Na san sha'awar jawo ciniki cikin tsohuwar shekara tana da ƙarfi, musamman in za a kai takardun banki neman rance, haka ma sha'awar tura shi gaba don haraji ya ragu. Ina roƙonka ka guji duka biyun. Odita in ya zo, abin da yake fara nema shi ne takardun rakiyar kaya na kwanakin ƙarshen Disamba da na farkon Janairu, ya jera su kusa da rasitai ya ga ko ranakun sun yi daidai, sannan ya duba ko akwai cinikin Disamba da aka soke ko aka dawo da kayansa a Janairu. Tsakaninka da abokin tarayya ma abin ya fi nauyi, domin idan rabonku zai canja a sabuwar shekara, ko wani zai fita wani ya shigo, matsar da ciniki ɗaya daga wannan shekara zuwa waccan cire haƙƙin wani ne a ba wani.

Don baɗi, ranar rufewa da yamma ka ɗauki littafin takardun rakiyar kaya ka ja layi ƙarƙashin lambar ƙarshe da aka yanka, kai da abokinka ku sa hannu a wurin, kuma kada mota ta shiga ko ta fita har a gama ƙidaya. Kowane rasit daga yanzu a rubuta a jikinsa ko "ɗauka a sito" ko "mu za mu kai", saboda wannan rubutun ne zai nuna inda kaya ke sauya hannu. Kayan da kuka kai da kanku, direba ya dawo da kwafi ɗauke da sa hannun mai karɓa da kwanan wata. Wanda ya ce a ajiye masa kuma, ya rubuta buƙatarsa ko da a saƙon waya ne, ku ware masa kayansa a ranar, a sa su a shafi na daban cikin littafin ƙidaya.