Darakta ya dawo mini da rahotona, ya ce me nake so ya yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu na yi ina haɗa rahoto mai shafi 42 a kan motocin rarraba kaya na kamfaninmu, na sa masa taƙaitaccen bayani mai shafi uku a farko. Darakta ya dawo mini da shi, ya rubuta da jan biro: "Me kake so in yi?" Mako mai zuwa zan sake miƙawa, kuma hankalina a tashe yake. Ga rahoton nan na haɗo. Ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, aikin da ka yi a cikin rahoton mai kyau ne, na karanta shi har ƙarshe. Shafi ukun farko ne suka kayar da kai, kuma gyaransu ba zai ci maka yini ɗaya ba.

Abin da ka yi shi ne ka bi rahoton babi-babi, ka matse kowane babi ya koma sakin layi ɗaya. Ka fara da tarihin sashen sufuri, sai manufar binciken, sai yadda ka tattara bayanai, sai sakamako, sannan a ƙasan shafi na uku ka rubuta cewa "ana ba da shawarar hukumar gudanarwa ta duba yiwuwar ɗaukar matakin da ya dace." Wannan kuskuren nake cin karo da shi kusan kullum, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne koyar da shi ake yi. Akwai masu shirya bita ta kwana biyu da ke raba wa mutane fom na cike-gurbi, su ce taƙaitaccen bayani shi ne rahoton a ƙanƙance, har su ƙara da cewa wai dole ya kai kashi 10 cikin 100 na tsawon rahoton. Da wannan lissafin, rahoto mai shafi 200 sai a yi masa taƙaitawa mai shafi 20, wato an sake rubuta wani rahoton ke nan. Wa zai karanta? Mutumin da ke da takardu goma sha a kan tebur, ga taro na jiransa, ga waya na ƙara?

Tsarin rahoto yana bin hanyar da kai mai bincike ka bi: ka fara da tambaya, ka nemo hujja, ka isa ga matsaya. Darakta kuwa daga matsayar yake farawa. Yana so ya san abin da ake nema ya sa wa hannu, sannan ya auna ko hujjar ta isa ya yarda. Idan ka jera masa abubuwa yadda ka gano su, ka tilasta masa ya sake yin tafiyarka ta wata biyu cikin minti uku, kuma ba zai yi ba. Zai karanta layi biyar na farko, ya ga tarihin sashen da shi ya kafa da hannunsa, ya ɗauki jan biro. Wannan koke tsoho ne. A watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙi, Winston Churchill ya rubuta wa ma'aikatan gwamnatinsa takarda yana ƙorafin cewa takardun da ake kawo masa sun cika tsawo, suna cin lokaci, kuma sai an sha wahala kafin a tono muhimmin abin da ke ciki.

Haɗarin ɗaukar taƙaitawa a matsayin rahoto a ƙanƙance ya wuce ɓata lokaci, kuma rahotonka ya nuna shi ƙarara. A shafi na 37, cikin rataye, na ga cewa kwantiraginku da garejin da ke gyara muku motoci zai ƙare ranar 30 ga Yuni, kuma yana sabunta kansa na shekara guda idan ba ku ba su sanarwa kwana 30 kafin nan ba. Ke nan ranar da ta dame ku ita ce 31 ga Mayu. Wannan ita ce magana mafi nauyi a duk rahoton, amma ba ta cikin taƙaitawarka ko sau ɗaya. Dalili kuwa a fili yake: kana matse babi ne, ita kuma ba ta cikin wani babi, tana rataye. Da darakta ya ajiye takardar zuwa taron watan Yuni, da kun wayi gari a ɗaure na wata goma sha biyu ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Na taɓa zama a wani taro inda aka gano irin wannan bayan wa'adi ya wuce da kwana huɗu. Wanda ya rubuta rahoton ya buɗe shafin yana nunawa da yatsa, yana cewa ai ya rubuta. Gaskiya ya faɗa, ya rubuta, amma a inda ba wanda zai gani.

To ka rufe rahoton, ka sa shi a aljihun tebur, kada ka kwafo jimla ko ɗaya daga ciki. Ka ɗauka kun haɗu da darakta a bakin ƙofa yana shirin fita, ya ce maka "yaya batun motocin nan?" Abin da za ka faɗa masa a tsaye, shi ne sakin layinka na farko. Da alƙaluman da ke cikin rahotonka, ga yadda zan rubuta shi:

"Ana neman amincewarka, kafin 31 ga Mayu, a sayar da motoci shida mafiya tsufa cikin 14 da muke da su, a maye gurbinsu da na haya na shekara uku. Wannan zai ɗaga kuɗin sufuri da kashi 8 cikin 100 a shekarar farko, sannan daga shekara ta biyu ya sauko da kashi 11 ƙasa da abin da muke kashewa yanzu. Idan ba a yanke shawara zuwa wannan rana ba, kwantiragin gareji zai sabunta kansa na shekara guda a kan motoci 14 ɗin duka."

Na bar kuɗin a kashi-kashi don kada in baje asirin kamfaninku a nan. Kai ka sa ainihin adadin a lamba, domin da adadi ake sa hannu. Ka lura da cewa a jimla uku ya san abin da ake so, ranar da ake so, abin da zai ci, da abin da shiru zai jawo. Ko a nan ya tsaya, zai iya rubuta "na amince" ko "ban amince ba" ko "zo mu yi magana".

Sakin layi na biyu na hujja ne, kuma biyu ko uku sun isa. Ka gano abubuwa tara, na ƙirga. Ka tambayi kowanne: da wannan ya zo akasin haka, shawarata za ta canja? Wanda amsarsa a'a ce, ya zauna a cikin rahoto. Cewa motoci shidan nan sun haura shekara tara kuma su kaɗai suka cinye kashi 70 cikin 100 na kuɗin gyara a bara, wannan yana shiga. Cewa a tsakaninsu sun yi kwana 212 a gareji, yana shiga. Yawan direbobin da ka tattauna da su da irin takardar tambayoyin da ka raba, ba sa shiga. Kuma kowace lamba ka ba ta abokiyar awo. Kwana 212 shi kaɗai bai faɗa wa darakta komai ba, amma idan ka ce sauran motoci takwas ɗin kwana 40 kacal suka yi, nan take zai gane. A gaban kowace hujja ka sa lambar shafin da take, don wanda ya yi shakka ya je kai tsaye.

Sai zaɓin da ka ƙi, a layi biyu. Darakta zai tambayi kansa me ya hana a sayi sabbi kawai, ko a ci gaba da gyara. Ka amsa masa tun kafin ya buɗe baki: saye yana buƙatar kuɗi a dunƙule da ba ya cikin kasafin bana, gyara kuma kuɗinsa hauhawa yake yi shekara uku a jere, kamar yadda ka nuna a shafi na 19.

Akwai wurin da nake so ka yi ƙarfin hali. A shafi na 28 ka rubuta cewa kamfanin haya ya ƙayyade kilomita 40,000 a shekara ga kowace mota, duk abin da ya ɗara sai an biya ƙari, kuma biyu daga cikin motoci shidan sun zarce haka a bara. Wannan yana raunana shawararka, shi ya sa na san zuciyarka za ta ce ka bar shi a ciki. Kada ka yi kitso da ƙwarƙwata. Mutumin nan zai sa hannu ne bisa amana, bai karanta shafi na 28 ba, kuma ranar da takardar biyan ƙarin ta iso teburinsa, ba zai sake yarda da taƙaitawarka ba. Ka rubuta shi a fili tare da maganinsa: a sa motocinku takwas da suka rage a hanyoyi masu nisa, ko a nemi a ɗaga iyakar kafin a rattaba hannu. Ka faɗi kuma nawa ribar za ta ragu idan abin ya faru.

Jimlar nan taka ta "duba yiwuwar ɗaukar matakin da ya dace" kuwa, ka goge ta. Na san inda ta fito. Harshen ofis ne da aka ƙera don kada a kama kowa da laifi, ba mai nema, ba wanda ake nema wurinsa, ba rana. Mutane suna ɗaukarsa ladabi, suna tsoron kada a ce ƙaramin ma'aikaci yana ba wa babba umarni. Amma shi ya aike ka ka bincika, kuma tambayar da ya rubuta da jan biro izini ce a rubuce. "Ina ba da shawarar a yi kaza" ba rashin kunya ba ne. Shi ke da ikon ƙi.

Duk wannan ya kamata ya tsaya a shafi ɗaya. Idan ya ƙi, yawanci alama ce cewa shawara biyu kake nema a takarda ɗaya, sai ka raba su. Bayan ka gama, ka fito da rahoton ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata abin da ke shafin farko shi ne ke ciki, kuma ba ka shigo da wata magana da rahoton bai kafa mata hujja ba. Sannan ka nemi abokin aiki daga wani sashe, wanda bai san komai game da motocin ba, ka ba shi shafin na minti biyu, ka karɓe, ka tambaye shi me ake so darakta ya yi, zuwa yaushe, kuma me zai faru idan bai yi ba. In ya yi inda-inda a ɗaya daga ciki, wurin ne za ka koma ka gyara. Ranar 31 ga Mayu ɗin nan kuma ka sa ta har a kan layin take, kuma kada ka jira mako mai zuwa idan za ka iya miƙawa jibi.