Me ke riƙe da darajar naira tunda babu zinari a bayanta?

Tambaya: Malam, a nan Anka muna ganin zinari, mun san abu ne mai daraja. An ce banki ba zai musanya min naira da zinari ba. To me ya sa takarda ke sayen hatsi?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya aka faɗa maka. Tun watan Agustan 1971 shugaban Amurka Nixon ya daina bai wa ƙasashe zinari a madadin dala, naira kuwa sai a 1973 ta fito. Abin da ke riƙe da ita shi ne tabbacin cewa wanda za ka miƙa wa gobe zai karɓa. Doka ce ta kafa wannan tabbaci: da naira gwamnati ke karɓar haraji da biyan albashi, da ita kotu ke yanke bashi.

Ka tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. Da wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun na 10 ga Fabrairu ya wuce, mai shayi da ɗan acaɓa suka ƙi tsohuwar dubu ɗaya, alhali takardar ba ta yage ba, kawai kowa na tsoron ta mutu a hannunsa. Sabbin kuwa suka yi wuya, har manomi ya riƙa karya farashin buhunsa don ya samu tsabar kuɗi. Zamfara na cikin jihohi ukun da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Sannu a hankali suka dawo kasuwa.

Sai dai doka karɓa kawai take tilastawa, ba ta yanke yawan abin da kuɗin zai saya. Wannan ya rataya ne a kan yawan kuɗi da yawan kaya. A ce an kawo gero buhu 100 kasuwar Talata Mafara, masu saye sun zo da naira miliyan biyar. Buhu zai tsaya wajen dubu hamsin. In suka dawo da miliyan goma alhali geron bai ƙaru ba, buhu zai doshi dubu ɗari. Haka kuma in rashin tsaro ya hana noma, buhu 50 kaɗai ya zo, farashin zai ninka ko ba a ƙara kwabo ba.

A da, zinarin da ke taska ne ke hana gwamnati buga kuɗi son ranta. Yanzu wannan takunkumi na hannun Babban Bankin Najeriya, kuma nan ne damuwata take. Bashin da ya bai wa gwamnatin tarayya kai tsaye ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin 2023, kuɗi ne da suka shigo ba tare da ƙarin kaya ba. In yana son rage su, yakan ɗaga kuɗin ruwa, ya kuma ƙara kason ajiyar da bankuna ba za su ba da rancensa ba.

Tsadar tumatir shi kaɗai matsalar tumatir ce. Amma in ka ga hatsi da siminti da kuɗin mota da dala sun tashi tare, masu shaguna sun daina ba da bashin wata guda, to naira ce ke raguwa.