Suna, gaisuwa, sannan "me za a yi muku?": yadda ake buɗe waya da Hausa

Tambaya daga wata ɗalibata a Katsina: "Malam barka da war haka. Na samu aiki a wani shagon gas wajen Ƙofar Ƙaura, ni ke ɗaukar waya. Oga ya ce in an kira in fara faɗin sunana, in gaida mutum, sai in ce 'da me zan iya taimaka maka?' Toh ni maganar nan ba ta zauna min a baki ba, kuma jiya wani dattijo ya ce min shi ba bara ya zo ba. Ya Hausar take?"

Toh ɗiyata, dattijon nan yana da gaskiya, ogan naki ma yana da tasa. Abubuwa ukun da ya lissafa miki duk Bahaushe ya san su tun kafin wayar GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, a bakin zaure yake yin su, jerin ne kawai da kalmomin suke son gyara.

Mu fara da jerin. A wurinmu ba abin da ke shiga gaban sallama, ko suna ko sarauta. In kin ɗaga waya kika ce "wance ce" kai tsaye, kunnen mai kira zai ji kamar an buɗe masa ƙofa an tsaya an tare hanya. Don haka sallama tukuna, sai suna, sai gaisuwa, sai tambayar buƙata. Kinga ba ki saɓa wa oga ba, sallamar ce kawai kika ɗora a sama. In kuma shi mai kiran ya riga ki yi, wanda dama shi ne asali tunda shi ne baƙon, toh ki amsa masa cikakkiya kada ki guntule, aya ta 86 a Suratun Nisa'i cewa ta yi a amsa gaisuwa da wadda ta fi ta ko a mayar da irinta. Wanda kika ji ba sallama ya yi ba, "barka da rana" ta wadatar, ba sai an tilasta masa ba.

Batun faɗin suna kuwa, na san wasu 'yan mata na jin nauyi kamar rashin kunya ne mace ta ambaci sunanta ga baƙon namiji. Alkunyar Hausa a kan sunan miji da ɗan fari da surukai take, ba a kan sunan kai ba. Abin da aka ƙi ma shi ne "ni ce". Akwai hadisin Jabir ɗan Abdullahi a Bukhari da Muslim, ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi (SAW) aka tambayi wane ne, ya ce "ni ne", sai Annabi ya maimaita "ni, ni" kamar bai ji daɗin amsar ba. Toh balle a waya da ba a ganin fuska, ga sabis na yankewa muryar kowa ta koma iri ɗaya. Ki faɗi sunan shago da naki, guda ɗaya ya isa ba sai kin haɗa da na mahaifi ba, amfaninsa in tukunya ba ta iso ba kwastoma ya san wa zai nema.

Yanzu ga inda rigimar take. Taimako a Hausa daga sama yake gangarowa ƙasa, mai shi ke taimakon marar shi, shi ya sa almajiri ke cewa "a taimaka", mai neman kuɗin magani ya ce "taimako nake nema". Mutum ya ɗauko kuɗinsa zai sai gas, yarinya sa'ar jikarsa ta ce za ta taimaka masa, ai ta mayar da shi mabuƙaci. Ga kuma "iya" ɗin nan da aka cusa a tsakiya, kamar ana shakkar ko za a iya ɗin. Jimlar fassara ce aka ɗauko daga Turanci ɗungurungum, nahawunta lafiya lau amma ba haka muke magana ba. Kishiyar taimako ita ce hidima, ita daga ƙasa take hawa sama, yaro ke yi wa babba, mai gida ke yi wa baƙo. Sai dai "wace hidima za mu yi muku?" ta ɗan yi kama da ta gidan rediyo, ta fi dacewa da banki ko otal. A shago ni na fi son "me za a yi muku?" ko "me za a kawo?"

Ki lura da wannan "a" ɗin, don ita ce sirrin. Ba ki ce "zan" ba balle ki ɗaga kanki, kuma kin ce "muku" maimakon "maka" ko "miki", kin girmama kenan, sannan kin tsira daga kiran Hajiya mai kaurin murya da Alhaji, wanda duk mai ɗaukar waya ya san yana faruwa. Haka gaisuwar ma, "an wuni lafiya?" ta hau kan kowa.

Biyu ne ki guje musu. "Me kake so?" korar mutum ce da ladabin ƙarya. "Lafiya?" ita kaɗai kuma tambayar wanda ya buga ƙofa tsakar dare ce, ma'anarta me ya faru, ba a yi wa mai ciniki. "Me ke tafe da ku?" Hausa ce mai kyau amma ta zaure ce, mai unguwa ke yi wa wanda ya zo da ƙara, daga bakinki za ta yi girma.

Ga yadda nake son ki yi, a ce bayan la'asar ne:

"Salamu alaikum, shagon gas na wuri kaza, wance ce ke magana. An wuni lafiya?"
"Wa alaikumus salam, lahiya lau ɗiyata, ya aiki?"
"Alhamdu lillahi Baba, ya gida? Me za a kawo muku?"
"Tukunyata ce ta ƙare."
"Toh Baba, mai kilo 12.5 ce ko ƙaramar mai 6? Wace unguwa za a kai?"
"Babbar ce, nan Ƙofar Marusa."

Kinga ba ki kira shi Baba ba sai da ya ce miki ɗiyata, shi ya ba ki matsayin kika karɓa. Da ya ce "malama" sai ki ce ranka ya daɗe ko Alhaji, in mace ce Hajiya ko Mama gwargwadon yadda kika ji muryar. Yallaɓai ki bar wa ma'aikata da masu kaki.

Sai tsawon gaisuwa, nan ne mutanenmu ke kasa tsayawa, a tambayi gida a tambayi yara a tambayi zafi a dawo a sake tambayar gajiya, alhali katin mai kira ne ke ƙonewa ba naki ba. Zagaye ɗaya ko biyu ki tsaya. In shi ya ja ta, ki bi shi, kuɗinsa ne, amma kada ke ki ja. Karin maganar da ake kawowa a nan ita ce "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", wato sakin fuska ga baƙo ya fi masa abin da za a ba shi ya zauna a kai. A waya ba fuskar ba tabarmar, murya ce ke yin aikin duka biyun, shi ya sa mai kira ke gane wadda ta ɗaga tana cin gyaɗa ko tana hira da wani a gefe tun daga sallamarta.

Ki duba agogo ma kafin ki buɗe baki, "ina kwana" tana aiki har wajen sha biyun rana, daga azahar "ina wuni" ce. In kin yi "ina kwana" da ƙarfe uku, Bakatsine ba zai bar ki ba, sai ya tambaye ki ko yanzu kika tashi.