Burodi nawa zan sayar kafin in fara cin riba?

Tambaya: Na buɗe ƙaramin gidan burodi a Zariya. Ciniki ana yi, amma wata na ƙarewa sai in ga babu komai a hannu. Ta yaya zan san yawan burodin da ya kamata in sayar don kada in faɗi?

Amsa: Malam, ɗauki littafin cinikinka ka raba abin da kake kashewa gida biyu. Akwai kuɗin da sai sun fita ko da ba a kunna tanda ba, irin su haya da albashin wata. Akwai kuma masu bin kwaɓi, waɗanda in an kwaɓa buhu goma su ninka na buhu biyar. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, sai ka sa farashin da kake saye yau a madadinsu.

Mu fara da masu bin kwaɓi, a kan buhu ɗaya na fulawa mai kilo 50. A ce buhun naira 60,000 ne. Sukari da bota da yis da gishiri da madara sun ci 22,000, itace 5,000, leda 3,000, ladan masu kwaɓi da gashi 6,000, tunda gidaje da yawa a kan buhu suke biya. Jimla 96,000 ke nan. Idan buhun yana fitar da burodi 120, kowanne ya tsaya maka a kan naira 800. Ka ba 'yan sari da masu shayi a 1,000, ragowar 200 ce. Kada ka kira ta riba tukuna, domin ita ce za ta taru ta biya kuɗin wata.

Kuɗin watan kuwa, hayar shekara ta 600,000 sai a raba ta 12, ta zama 50,000. Albashin mai gadi da mai zaman kanti 90,000, wuta da dizal 80,000. Sai abu biyu da masu gidajen burodi suka fi tsallakewa. Injin kwaɓi da tanda suna tsufa: in ka saye su miliyan 2.4 kana sa ran za su yi shekara biyar, to kowane wata suna cinye 40,000, ko da ba ka ga fitar kuɗin ba. Na biyun naka albashin ne, a ce 100,000. A ganina wanda bai sa wannan ba yaudarar kansa yake, domin cefanen gida daga aljihun kantin zai fito, a rubuce ko ba a rubuce ba. Duka sun kama 360,000.

Yanzu raba kuɗin wata da ragowar burodi ɗaya: 360,000 ÷ 200 = 1,800. Wato buhu 15 a wata, ko burodi wajen 70 a rana idan kuna aiki kwana 26. A nan babu riba, babu faɗuwa.

Sai dai wannan lissafin ya ɗauka duk abin da aka gasa an sayar, kuma na fi zaton nan kuɗinka ke zurarewa. A cikin 120 ɗin nan, a ce biyu sun ƙone a gefen tanda, ma'aikata sun karya da ɗaya, mai shayi ya dawo da uku sun yi kwantai. Shida kacal. An sayar da 114, kuɗin da ya shigo 114,000, a cire 96,000, saura 18,000 a buhu maimakon 24,000. Raba 360,000 da 18,000, sai ka ga buhu 20 kake bukata. Asarar kashi 5 cikin 100 ta ƙara maka buhu biyar a wata. Dalili shi ne, duk burodin da ya lalace yana tafiya da naira 1,000, kuma sai ragowar burodi biyar ta cike gurbinsa. Shi ya sa ya fi kyau ka riƙa lissafi da buhu, kana ƙirga abin da aka biya kuɗinsa kawai.

Haka ma tashin farashi. Fulawa ta ƙara 6,000 kai ba ka taɓa farashinka ba, ragowar buhu ta dawo 12,000, ma'aunin ya koma buhu 30. Sake lissafin duk ranar da dila ya canza farashi. Ka riƙa auna curin kullu a sikeli kuma, domin in hannun mai yanka ya yi nauyi, buhun 120 zai dawo 112 ba wanda ya lura.

Lissafin yana da iyaka. Bai san bashi ba: burodin da ɗan sari ya ɗauka bai biya ba yana cikin ciniki, amma ba zai saya maka fulawar gobe ba, don haka buɗe wa masu bashi shafi daban. Idan kuma kana yin babba da ƙarami, fitar da ragowar kowanne shi kaɗai, domin yana yiwuwa wanda ya fi tafiya shi ne mai ƙaramar ragowa.