Ma'anar kalmomin likitan fata

"A Yamai, likita ya rubuta papule da pustule a takardar ɗana. Mene ne ma'anarsu?"

Hajiya, kalmomin nan siffar fata suke bayyanawa, ba sunan cuta ba ne. Ki shafa wurin da yatsa: idan launi kaɗai ya sauya kuma fatar na nan sumul, macule ke nan. Ƙurji mai tauri da bai kai santimita 1 ba, shi ne papule. Idan ya yi faɗi ya wuce haka, kamar fatar ta yi kauri, sai a ce plaque. Vesicle ƙaramin ƙurji ne mai ruwa garau, irin na ƙarambau, pustule kuwa mugunya ke ciki. Don Allah kada ki matse su, domin ƙwayoyin cuta na iya shiga.