Katako mai farantin ƙarfe a ƙasa: lissafin matsi

"Ina aikin bene a Agege. Katakon faɗinsa mm 100, tsayinsa 200, na ɗaura masa farantin ƙarfe mai kaurin mm 10 a ƙasa. M = 10 kNm. Yaya zan san matsin da kowanne ke ɗauka?"

Malam, a takarda mayar da ƙarfen ya zama katako. Idan E, wato ma'aunin taurin abu, na ƙarfe 200 GPa ne, na katako muka ɗauka 10, to in ka raba na ƙarfe da na katako, n = 20. Faɗin farantin, mm 100 kamar na katakon, kawai za ka ninka da n, ya koma 2000; kar ka taɓa kaurinsa, domin miƙewar kowane layi nisansa daga tsakiya take bi.

Yanzu filin kowannensu 20,000 mm² ne, tsakiyar faranti na kan 5 daga ƙasa, ta katako 110. Layin da ba ya jin matsi ya sauko zuwa 57.5 daga ƙasa, kuma I = 177 × 10⁶ mm⁴.

A saman katako y = 152.5, sai σ = My/I ta ba ka 8.6 MPa na dannewa. Ba don farantin ba, da 15 ne. A ƙasan ƙarfe lissafin zai nuna 3.25, nan ɗalibai ke faɗuwa: wannan na katakon bogi ne, sai ka ninka da 20, ka samu 65 MPa na ja.

Amma duk wannan sai in kusoshin da suka haɗa farantin da katakon sun hana zamewa. In ka ga bakin farantin ya goce daga alamar da ka zana a katakon, kowa gashin kansa yake ci. Kuma katakon kasuwa sau da yawa ɗanye ne. Da laimar Legas E ɗinsa na raguwa, n ya hau, kaya ya ƙaru kan ƙarfen.