Fassara ta'aziyya ga abokin aiki a waje

Tambaya: Mahaifiyar abokin aikina da ke Landan ta rasu, na rubuta ta'aziyya da Hausa daga Yamai, yaya zan mayar da ita Ingilishi?

Amsa: Allah ya jikanta. Da farko ka tabbatar da addininsa, domin idan ba Musulmi ba ne, addu'ar neman mata gafara a Ingilishi tana iya zame masa kamar ana nuni da laifinta, don haka ka musanya ta da fatan samun hutu. Haka kuma "sai haƙuri", wadda a wurinmu tausayawa ce, a harshensu umarni take zama, gara ka ce kana tare da shi cikin wannan rashi. Ka rage jerin gaisuwar gida da aiki, ka ambaci marigayiyar tun jimlar farko. Layi huɗu sun wadatar.